Maɓallin Baya a Wayar Android: Abin da Ke Sa Ya Rufe Wasa Maimakon Ya Dakatar da Shi

Maɓallin komawa baya yana cikin wayoyin Android tun daga ta farko, wato HTC Dream da ta fito a 2008. A wancan lokacin maɓalli ne na zahiri da ake dannawa a jikin wayar. Daga 2011 ya koma 'yar alama a ƙasan fuskar waya, tare da alamar komawa gida da ta duba manhajojin da aka buɗe kwanan nan. A 2019, da fitowar Android 10, aka ƙara wata hanyar: mutum ya ja yatsa daga gefen hagu ko na dama zuwa tsakiya, wayar ta ɗauka cewa baya yake son komawa. Kamanninsa sun sauya sau biyu, amma aikinsa na nan yadda yake, wato ya mayar da mutum inda ya fito.

A manhajar saƙonni ko ta labarai wannan aiki ba ya da wata sarƙaƙiya. A cikin wasa kuwa, wanda matasa suka fi kira gem, yakan jawo abin takaici. Mai wasa na tsaka da tsere, sai a kira shi, ya danna baya da nufin a tsayar masa da wasan a nuna masa allon dakatarwa mai ɗauke da zaɓin ci gaba ko saiti ko fita. Sai kawai ya ga fuskar wayarsa ta gida. In ya sake buɗe wasan, sau da yawa daga tambarin farko zai faro, makin da ya tara kuma ya bi iska. Galibi wayar lafiyarta ƙalau, kuma wasan bai lalace ba. Umarnin da aka ba wayar ta bi, domin wanda ya haɗa wasan bai ba ta wani umarnin da zai maye gurbinsa ba.

Yadda Android ke kallon wasa

Android tana lissafa abin da ke buɗe a waya da wani ma'auni da ake kira `Activity`. A sauƙaƙe, `Activity` shafi guda ne na manhaja. Manhajar saƙonni na iya samun shafin jerin saƙonni, da shafin karanta saƙo ɗaya, da shafin saiti. Duk shafin da aka buɗe ana ɗora shi a kan na baya, kamar yadda ake jera kwanuka bayan wanke-wanke, na ƙarshen ɗorawa shi ne na farkon ɗauka. Danna baya yana cire na saman tulin, na ƙasansa ya bayyana. Idan saura ɗaya tak aka kuma danna baya, babu sauran abin nunawa daga manhajar, sai a mayar da mutum gida.

Wasanni ba a gina su haka ba. Kusan duk wasan da aka haɗa da injin wasa, irin su Unity ko Godot, `Activity` ɗaya ne daga farkonsa har ƙarshensa. Allon farko, da zaɓen mataki, da filin wasan, da shagon sayen kaya, da allon dakatarwa, duk zane ne da injin ke zanawa a kan fili guda, sau talatin ko sittin a kowace daƙiƙa. Mai wasa yana ganin ya shiga allo biyar ɗaya bayan ɗaya, Android kuwa abu ɗaya take gani a tulinta. Ba ta san akwai allon dakatarwa ba, ballantana ta buɗe shi. Saboda haka idan aka danna baya kuma wasan bai ce zai karɓi wannan dannawa da kansa ba, Android za ta yi abin da take yi wa kowace manhaja mai shafi ɗaya, ta fitar da mutum.

Akwai dalilin da ya sa ake yawan mantawa da wannan. A kwamfuta ake haɗa wasa, a kwamfuta kuma ake gwada shi mafi yawan lokaci, inda maɓallin `Esc` ke buɗe allon dakatarwa. Wayar iPhone kuma ba ta da maɓallin baya na gama-gari irin na Android, don haka wasan da aka fara tsarawa dominta yana dogara ne da 'yar alamar dakatarwa a kusurwar allo. Mai haɗa wasa na iya shafe watanni yana aiki bai taɓa danna baya a wayar Android ba, sai ranar da wasan ya shiga hannun jama'a ƙorafi ya fara zuwa.

Fita iri uku

Kafin a kai ga gyara, sai an tantance abin da ya faru, domin abubuwa uku ne mabambanta da mai wasa zai kira da suna ɗaya, ya ce wasan ya rufe.

Na farko shi ne a tura wasan bayan fage. Tun daga Android 12, wadda ta fito a 2021, idan aka danna baya a kan shafin farko na manhaja, tsarin ba ya kashe shafin kamar yadda yake yi a da, ajiye shi yake yi a gefe, tamkar an danna maɓallin gida. Alamar wannan ita ce in an koma wasan nan take za a tarar da shi inda aka bar shi. Sai dai wannan sassauci yana da iyaka. A ƙananan wayoyi masu ram gigabayit 2 ko 3, irin na itel da Tecno da Infinix da suka cika kasuwannin Kano da Kaduna da Maraɗi, tsarin yakan kashe abin da ke bayan fage da wuri don ya samar wa manhajar da ke gaba wuri. Wasa kuwa yana cikin abubuwan da suka fi cin ram. Mutum ya amsa waya na minti biyu ko ya leƙa WhatsApp, ya dawo ya tarar wasan ya faro daga farko.

Na biyu shi ne wasan ya kashe kansa da gangan. Saƙon komawa baya ya iso, injin wasan ko wani layi da mai haɗa wasan ya rubuta ya ce a fita. A nan komai saurin da aka yi wajen komawa, daga tambarin farko za a fara, a kowace waya, komai girman ram ɗinta.

Na uku shi ne karyewa. Wasan ya karɓi saƙon, ya yi yunƙurin buɗe allon dakatarwa, ya ci karo da kuskure ya faɗi. Daga waje yana kama da na biyu, amma yakan nuna kansa ta hanyar rashin tabbas: yana faruwa a wani mataki ban da wani, ko allon ya ɗan daskare kafin ya ɓace, wani lokacin kuma wayar ta nuna sanarwar cewa manhajar ta tsaya. Mai haɗa wasa yana raba gardama ne ta haɗa wayar da kwamfuta ya duba bayanan da `adb logcat` ke fitarwa. In ya ga `FATAL EXCEPTION` ko `Fatal signal 11`, karyewa ce. In bai ga ko ɗaya ba, wasan bisa umarni ya fita.

Misalin Godot

Godot injin wasa ne na kyauta wanda Juan Linietsky da Ariel Manzur, 'yan ƙasar Ajantina, suka fara, aka sake shi ga kowa a 2014, fitowarsa ta 4 kuma ta zo a 2023. Ya dace da misali saboda a cikinsa wannan matsala ita ce halin da kowane sabon wasa ke zuwa da shi. Akwai wani saiti mai suna `application/config/quit_on_go_back` wanda a kunne yake tun asali. Ma'anarsa ita ce duk lokacin da aka danna baya a Android, a kashe wasan. Wato nau'i na biyu ke nan cikin ukun da aka ambata, kuma sassaucin Android 12 ba ya ceton sa, tun da injin ne da kansa ke fita.

A ɗauki wani ƙaramin wasan tseren babur. Yana da allon farko, da filin tsere, da allon dakatarwa, daga cikin allon dakatarwar kuma ana iya shiga saitin sauti. Mai haɗa shi ya ɗaura buɗe allon dakatarwa a kan `ui_cancel`, wanda a Godot yake ɗaure da `Esc` tun asali. A kwamfuta komai na tafiya daidai. A waya kuwa danna baya na kashe wasan, domin maɓallin baya na Android ba ya cikin maɓallan `ui_cancel`. Ta wata ƙofa dabam yake shigowa, a matsayin sanarwa mai suna `NOTIFICATION_WM_GO_BACK_REQUEST` da injin ke aika wa sassan wasan.

A nan ne mutane da yawa ke yin rabin gyara. Sukan gano sunan sanarwar, su rubuta cewa idan ta iso a buɗe allon dakatarwa, su gwada, wasan ya sake mutuwa. Sai su ɗauka sanarwar ce ba ta zuwa, su yi ta sauya rubutun a banza. Sanarwar tana zuwa. Injin yana fara aika ta ga sassan wasan, allon dakatarwar ya karɓi umarnin buɗewa, daga nan injin ya duba wancan saitin, ya tarar har yanzu a kunne yake, ya kashe komai kafin ido ya ga wani abu. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: a sa layin `print()` a wurin da ake karɓar sanarwar, a duba `adb logcat -s godot`. Za a ga rubutun ya fito, sannan wasan ya rufe. Gyaran yana da ƙafa biyu, karɓar sanarwar da kuma kashe saitin, kuma ɗaya ba ta tsayawa ba tare da ɗayar ba.

Ana kashe saitin ta cikin `Project Settings`, ƙarƙashin `Application` sannan `Config`. Wanda bai gan shi ba sai ya kunna `Advanced Settings`, domin a ɓoye yake a jerin da ake nuna wa sabon shiga. Ana kuma iya kashe shi a cikin rubutun umarnin wasan, kamar haka:

```gdscript
extends Node

func _ready():
    process_mode = Node.PROCESS_MODE_ALWAYS
    get_tree().quit_on_go_back = false

func _notification(what):
    if what == NOTIFICATION_WM_GO_BACK_REQUEST:
        koma_baya()
```

Wurin da aka ajiye wannan rubutu yana da tasiri. In aka liƙa shi a jikin filin tsere kaɗai, to da an bar filin an koma allon farko babu mai sauraron sanarwar, kuma tun da an riga an kashe fitar asali, maɓallin baya zai zama matacce a can. Mai wasa zai yi ta dannawa babu abin da ke motsi, wanda shi ma aibi ne. Abin da ya fi shi ne a sa rubutun a `Autoload`, wato sashen da ke tashi tare da wasan ya kuma zauna har a rufe shi, duk allon da aka shiga yana nan.

Tulin da wasan zai riƙe da kansa

Da zarar wasa ya karɓe maɓallin daga hannun Android, ya ɗauki nauyin da Android ke ɗauka a sauran manhajoji. Dole ya san allon da ke sama, da wanda ke ƙarƙashinsa. Amsar da ta fi saurin zuwa kai ita ce a ce duk lokacin da aka danna baya a juya halin dakatarwa, in ana tsere a tsaya, in a tsaye ake a ci gaba. Wannan na aiki har zuwa lokacin da mai wasa ya shiga saitin sauti daga cikin allon dakatarwa. Ya danna baya yana nufin ya koma allon dakatarwar, sai tseren ya ci gaba a bayan fage alhali saitin sautin na rufe da fuskar wayar, babur ɗinsa ya yi karo bai ma gani ba.

Maganin shi ne wasan ya riƙe nasa jerin. Duk allon da aka buɗe a sa shi a ƙarshen jerin, duk danna baya ya cire na ƙarshe. Idan jerin babu komai, ana cikin tsere ke nan, sai a dakatar.

```gdscript
var tuli = []

func bude(allo):
    tuli.push_back(allo)
    allo.show()

func koma_baya():
    if tuli.is_empty():
        get_tree().paused = true
        bude(allon_dakatarwa)
    else:
        tuli.pop_back().hide()
        get_tree().paused = not tuli.is_empty()
```

A bi shi daki-daki. Ana tsere, jerin babu komai. Dannawa ta farko ta tsayar da wasan ta buɗe allon dakatarwa, jerin ya zama da abu ɗaya. Mai wasa ya taɓa saitin sauti, jerin ya zama da biyu. Dannawa ta biyu ta rufe saitin sautin, saura ɗaya, don haka wasan na nan a tsaye. Ta uku ta rufe allon dakatarwa, jerin ya koma fanko, tseren ya ci gaba. Sharaɗin kawai shi ne kowane allo ya buɗe ta hanyar `bude()`, ya kuma rufe ta hanyar `koma_baya()`. Idan maɓallin ci gaba da ke kan allon dakatarwa yana ɓoye allon da kansa ba tare da ya cire shi daga jerin ba, lissafin ya rikice, kuma dannawa ta gaba za ta tafi a banza wajen rufe allon da ya riga ya rufe.

Allon farko yana buƙatar nasa hukuncin, domin a can babu tseren da za a dakatar. A nan ne kaɗai ya dace maɓallin baya ya kai ga fita. Hanyoyi biyu aka saba da su: a tambayi mai wasa ko da gaske fita zai yi, ko a nuna masa ɗan rubutu cewa ya sake dannawa cikin kamar daƙiƙa biyu in fita yake so. Ta farko ta fi dacewa da wasan da yara ke bugawa. Abin da bai kamata ba shi ne a toshe hanyar fita gaba ɗaya don a riƙe mutum a ciki. Masu wasa suna gane wannan dabara, kuma sukan rama ta hanyar goge wasan.

Layin `process_mode` da ke cikin rubutun farko shi ma yana da labari. Idan aka ce `get_tree().paused = true`, Godot yana tsayar da duk sassan wasan da ba a keɓe ba, har da karɓar taɓawar yatsa. Allon dakatarwa shi ma sashe ne na wasan. In ba a keɓe shi ba, zai bayyana da kyau a fuskar waya amma maɓallansa ba za su amsa ba, domin an tsayar da su tare da babur ɗin. Mai gwadawa zai ce wasan ya daskare. Don haka shi kansa allon dakatarwar, da saitin sautin da ke buɗewa daga cikinsa, sai an sa musu `process_mode` ya zama `Always` ko `When Paused`.

Matsala ta ƙarshe a wannan ɓangare ita ce masu sauraro biyu. Sanarwar komawa baya ba ta tsayawa a kan wanda ya fara karɓarta, tana isa ga duk sashen da ke saurare. Idan an bar wani tsohon rubutu a jikin allon dakatarwa da ke cewa a rufe shi in an danna baya, to dannawa guda za ta buɗe allon ta hannun wani sashe ta kuma rufe shi ta hannun wani. Ga mai kallo kamar ba abin da ya faru, ko kuwa allon ya ƙyafta ya ɓace. In tsohon rubutun na allon farko ne mai cewa a fita, kuma allon farkon ɓoye shi kawai aka yi ba a cire shi ba, wasan zai ci gaba da mutuwa duk da an kashe saitin. Bincika sunan sanarwar a duk fayilolin wasan yakan fallasa wannan cikin minti ɗaya, kuma ƙa'idar ita ce wuri ɗaya tak ya riƙa sauraro.

Sauran injina

A Unity lamarin a juye yake. Injin yana miƙa wa wasan maɓallin baya a matsayin `KeyCode.Escape`, kuma saitin `Input.backButtonLeavesApp` a kashe yake tun asali, don haka sabon wasa ba ya fita da kansa. Idan wasan Unity yana rufewa da danna baya, abin da za a fara nema shi ne layin `Application.Quit()` da aka ɗaura a kan `Escape`, wanda galibi an kwafo shi ne daga wani darasi a farkon aiki aka manta da shi. Wani kuskuren da ya shahara a can shi ne amfani da `Input.GetKey` a inda ya kamata a sa `Input.GetKeyDown`. Na farkon yana amsa e a kowane zane muddin ana danne da maɓallin, don haka allon dakatarwa na iya buɗewa da rufewa sau da dama a dannawa ɗaya. A libGDX kuwa sai an rubuta `Gdx.input.setCatchKey(Input.Keys.BACK, true)` kafin wasan ya samu damar riƙe maɓallin. Sunayen sun bambanta, tambayar da za a yi wa kowane inji dai ɗaya ce: wa ke karɓar saƙon komawa baya, me kuma yake yi da shi in ba a ce masa komai ba.

Wasan da ke aiki jiya ya lalace yau

Akwai wani sabon salo na wannan matsala da ke samun wasannin da suka daɗe suna aiki lafiya. A Android 13, cikin 2022, Google ya fara sauya yadda komawa baya ke aiki. Manufar ita ce yayin da mutum ke jan yatsa daga gefe, tun kafin ya saki, wayar ta ɗan nuna masa inda zai faɗa, in ba can yake so ba ya fasa. Don ta iya nuna wannan, dole wayar ta san tun kafin a saki yatsa ko manhajar za ta karɓi komawar ko ba za ta karɓa ba. Tsohuwar hanya ba ta ba da wannan dama. A cikinta sai an gama dannawa ake aika wa manhaja `KEYCODE_BACK` ko a kira `onBackPressed()`, sannan ta yanke shawara. A sabuwar hanya manhaja tana yin rajista tun da wuri ta `OnBackInvokedCallback`, tana shaida wa tsarin cewa ita za ta kula da komawa baya a wannan lokaci.

Shekaru uku wannan ya kasance zaɓi, wanda ya ga dama ya shiga. Da fitowar Android 16 a 2025, duk manhajar da aka gina da nufin wannan fitowa, wato matakin API na 36, sabuwar hanya ce ke aiki a kanta kai tsaye, kuma an daina aika mata tsofaffin saƙonnin biyu a wayoyin da ke ɗauke da Android 16. Shagon Google Play kuma kowace shekara yana ɗaga mafi ƙarancin matakin da zai karɓa daga sababbin manhajoji da masu sabuntawa. To sai mai wasa ya ɗaga lambar matakin don a karɓi sabuntawarsa, bai taɓa komai a rubutun wasan ba, amma injin da ya yi amfani da shi tsoho ne mai jiran `KEYCODE_BACK`. Saƙon ba ya zuwa, tsarin kuma bai ga wata rajista ba, sai ya mayar da mai wasa gida.

Ana gane wannan nau'in da alamu biyu: ya fara ne bayan wata sabuntawa, kuma masu sababbin wayoyi ne kaɗai ke ƙorafi, masu tsofaffi ba su ga komai ba. Gyara na dindindin shi ne a koma fitowar injin da ta san sabuwar hanyar. Na wucin gadi shi ne a sa wannan a cikin fayil ɗin `AndroidManifest.xml`, a jikin `application` ko `activity`, don a roƙi tsarin ya ci gaba da tsohuwar hanya:

```xml
android:enableOnBackInvokedCallback="false"
```

Jan yatsa ba da niyya ba

Jan yatsa daga gefe ya ƙara wa matsalar nauyi ta wata fuska. A wasan da ake riƙe waya a kwance, manyan yatsu biyu a gefunan allo suke zama, daidai inda wayar ke sauraron alamar komawa baya. Mai tuƙa babur ya ja yatsa da ƙarfi don ya kauce wa rami, wayar ta ɗauka baya yake so. In wasan yana buɗe allon dakatarwa, asarar daƙiƙa biyu ce. In fita yake yi, an rasa tseren gaba ɗaya.

Android ta ba manhajoji damar keɓe wani yanki na gefen allo su ce kada a ɗauki jan yatsa a nan a matsayin komawa baya, ta hanyar `setSystemGestureExclusionRects()`. An taƙaita tsawon yankin zuwa 200dp a kowane gefe, don kada wata manhaja ta toshe wa mutum hanyar fita, amma taƙaitawar ba ta aiki a kan wasan da ya cika allo ya ɓoye sandar maɓallan ƙasa. Dabara mafi arha ita ce a matsar da maɓallan tuƙi ciki kaɗan daga bakin allo. Mai wasan da wannan ke damunsa, shi kuma, zai iya shiga saitin wayarsa ya sauya daga jan yatsa zuwa maɓallai uku. Wasu wayoyin suna da wurin rage saurin amsawar gefen allo. Iyakar abin da ke hannunsa ke nan, tare da sanar da masu wasan ta shagon da ya sauke shi, ya faɗi sunan wayarsa da fitowar Android ɗin da ke kanta da allon da yake kai lokacin da abin ya faru.

Ajiya da gwaji

Ko an gyara maɓallin baya, akwai hanyoyin barin wasa da babu mai iya tarewa: maɓallin gida, kiran waya, mutuwar batir. Saboda haka wasan da aka gina da kyau ba ya jiran a danna fita kafin ya ajiye ci gaban mai wasa. A Godot sanarwar `NOTIFICATION_APPLICATION_PAUSED` tana zuwa lokacin da aka tura wasan bayan fage, a Unity kuma `OnApplicationPause`. A nan ya kamata a rubuta maki da matakin da aka kai cikin ma'ajiyar waya, a kuma buɗe allon dakatarwa, ta yadda wanda ya dawo daga amsa waya ba zai tarar babur ɗinsa na gudu ba kafin ya gyara riƙo.

Gwajin duk wannan a waya ta gaske ake yin sa, domin a kwamfuta sanarwar komawa baya ba ta zuwa. Idan an haɗa wayar da kwamfuta, wannan umarni yana aika dannawar ba tare da an taɓa wayar ba:

```
adb shell input keyevent KEYCODE_BACK
```

Ana bin kowane allo ɗaya bayan ɗaya a danna baya a kansa, har da wuraren da ake mantawa da su: lokacin da mataki ke lodi, lokacin da talla ke kan allo, bayan an faɗi a tsere, da lokacin da akwatin rubuta suna ke buɗe, inda dannawar farko ya kamata ta sauke kibod ɗin waya kawai. Lokacin lodi ya fi kowanne kama kurakurai, domin a lokacin allon dakatarwa na iya zama bai riga ya wanzu ba, kuma yunƙurin buɗe shi ne ke jawo karyewa. Sai a maimaita zagayen sau biyu, da maɓallai uku da kuma jan yatsa, a waya biyu aƙalla: ɗaya mai Android 16 saboda sabuwar hanyar rajista, ɗaya kuma ƙarama mai ram gigabayit 2, wadda za ta nuna ko ajiyar tana aiki idan tsarin ya kashe wasan a bayan fage.